Intabiyun Gwaji: Yadda Aboki Zai Taimaki Mai Neman Aiki Ya Gyara Amsoshinsa

Intabiyun gwaji shi ne mai neman aiki ya zauna gaban wani mutum, a yi masa irin tambayoyin da ake sa ran masu ɗaukar aiki za su yi masa, ya amsa da baki kamar ranar ce ta zo, sannan a duba amsoshin nasa a gyara. Abubuwa uku ne ke sa zaman ya yi amfani: a ɗauke shi a waya, a faɗa wa mai amsawa gaskiyar abin da aka gani, a kuma sa shi ya sake amsa tambayoyin da ya yi rauni a kansu kafin a tashi. Yawancin masu yin gwajin suna tsayawa ne a tambaya da amsa, sai aboki ya ce "ai ka yi ƙoƙari", a watse. Irin wannan zama yana kwantar da hankali, amma amsar da ta shiga da rauni haka take fita da rauninta.

Dalilin yin gwajin da baki shi ne sanin amsa a zuci daban yake da iya faɗinta. Mutum zai kwanta da dare ya tsara abin da zai ce idan an tambaye shi dalilin barin aikinsa na baya, ya ji komai ya yi daidai. Ranar da ya buɗe baki gaban mutum uku da suka zuba masa ido, sai ya tarar jimlolin ba su da farko ba su da ƙarshe. A zuci ana tsallake gurbin da babu kalma, a baki kuwa dole a cike shi, kuma a nan ake jin "eh to", da "wato", da dogon shiru. Abin ya fi tsanani a Najeriya da Nijar, inda yawancin intabiyu ake yin sa da Turanci ko Faransanci, alhali mai amsawa da Hausa yake tunaninsa. Saboda haka harshen da za a yi intabiyun gaske da shi, da shi za a yi gwajin tun daga gaisuwa har sallama. Bitar da za ta biyo baya ce kawai ake iya yi da Hausa.

Zaɓen abokin da zai yi tambayoyin yana buƙatar tunani. Ba lallai ba ne ya zama masanin fannin, ko da yake wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata ya fi. Abin da ake bukata a wurinsa shi ne ya iya riƙe fuska na rabin awa ba tare da dariya ba, kuma ya iya faɗin abin da bai yi daɗin ji ba. Aminin da aka saba barkwanci da shi yakan kasa na farko. Ƙani ko wanda yake jin nauyin mai amsawa yakan kasa na biyu, domin kara ba za ta bar shi ya ce wa yayansa "amsarka ba ta fita ba". Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ake ɗan jin kunyarsa kaɗan, kamar abokin yaya, ko tsohon abokin karatu da ya riga ya fara aiki. Wannan 'yar kunyar ita ke kawo ɗan bugun zuciyar da ake so a saba da shi.

Kwana ɗaya kafin zaman, mai neman aikin zai ba abokin takardu biyu: sanarwar aikin kamar yadda ma'aikatar ta fitar, da takardar tarihin karatunsa da ayyukansa wadda ya tura musu. Daga cikinsu abokin zai fitar da tambayoyi takwas zuwa goma, kuma ba zai nuna masa su ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ya bi sanarwar layi-layi, duk abin da aka ce ana bukata ya mai da shi tambaya. Idan an rubuta cewa ana son wanda ya iya aiki da Excel, sai ya tambayi wane aiki ya taɓa yi da shi, kuma yaya ya tsara shi. Sannan ya duba takardar mai neman aikin ya nemo inda ido zai tsaya, kamar shekara biyu da babu aiki babu karatu, ko sakamakon da bai yi kyau ba, ko aikin da aka bari bayan wata huɗu. Waɗannan wuraren su ne mai amsawa yake fatan kada a taɓo, kuma su ne masu intabiyu suka fi taɓowa. Abokin da ya tsallake su don kada ya ɓata rai bai yi wa abokinsa gata ba.

Wurin zaman ya yi kama da na gaske gwargwadon iko. A samu tebur da kujeru biyu a ɗakin da yara ba za su shigo ba, mai amsawa ya sa kayan da zai sa ranar, ya fita waje ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo. Idan intabiyun ta Zoom ko Google Meet za a yi, gwajin ma ta nan za a yi shi, kowa a ɗakinsa, da wayar ko kwamfutar da za a yi amfani da ita ranar. Ta haka ake gano cewa taga tana bayan mai magana fuskarsa ta yi duhu, ko sabis ba ya kamawa a wannan kusurwar, ko ƙarar janareton maƙwabta tana danne muryarsa.

Ɗaukar zaman ba ya buƙatar kayan aiki na musamman, wayar hannu ta isa. A jingina ta a kan littattafai daidai tsayin fuskar mai amsawa, a kwance, nisan kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta yadda za ta kama shi daga kai zuwa tebur har da hannuwansa. A ajiye ta kusa da kafaɗar mai tambaya, don a ga ko yana duban mutum ko yana duban ƙasa. Haske ya zo daga gabansa. A kashe fanka idan tana kusa, domin iskar da ke bugun makirufo tana cinye magana. A sa wayar a yanayin jirgin sama, saboda kira ɗaya yana iya katse ɗaukar. A rage ingancin hoton zuwa 720p, wanda ya isa sarai, a kuma tabbata akwai sararin da ya kai giga 2 don bidiyon rabin awa. Kafin a fara a ɗauki daƙiƙa goma a saurara, domin ba ƙaramin takaici ba ne a gama zama a tarar ba a jin komai. Wanda wayarsa ba ta da sarari ya naɗi murya kaɗai, kusan duk gyaran da za a yi a kan magana yake. Bidiyon kuma na mai amsawa ne, a wayarsa za a ɗauka, ba a tura wa kowa, domin a ciki yakan ambaci albashi da sabanin da ya samu da tsofaffin shugabanninsa.

Da zarar an fara, doka ɗaya ce: ba a tsayawa. Idan mai amsawa ya rikice ya ce "bari in sake", abokin zai yi shiru ya dube shi kawai, kamar yadda baƙo zai yi. Ba zai ƙarasa masa jimla ba, ba zai yi ta gyaɗa kai yana ƙarfafa masa gwiwa ba. Fita daga rikicewa fasaha ce da ake koyo, kuma ba a koyonta idan kullum akwai mai ceto. Aikin abokin na biyu shi ne bin diddigi. Duk amsar da ta zo a dunƙule, sai ya bi ta da "ba ni misali", ko "kai me ka yi da kanka", ko "daga ƙarshe me ya faru". A gabansa akwai takarda da agogo, yana rubuta tsawon kowace amsa da kalma biyu ko uku na abin da ya lura. Minti 25 zuwa 30 sun isa, a rufe da tambayar da kusan kowane intabiyu ke rufewa da ita, wato ko mai neman aikin yana da abin da yake son ya tambaya.

Bayan an gama sai a huta minti goma, a sha ruwa. Mai amsawa ne zai fara magana, ya faɗi amsoshi biyu da yake ganin sun fi rauni tun kafin a kalli bidiyon. Amfanin wannan shi ne a gwada yadda yake jin kansa da yadda yake a zahiri. Sau da yawa amsar da ya ji ta yi masa daɗi ita ce wadda ya yi minti huɗu yana zagaye, wadda ya ɗauka ya ɓata kuwa, don ya yi shiru na ɗan lokaci, bidiyo zai nuna shirun daƙiƙa uku ne kacal kuma ya ƙara masa kamala.

Kusan kowa yana ƙyamar muryarsa a karon farko da ya ji ta a naɗe. Dalilin a jiki yake: idan mutum yana magana, yana jin muryarsa ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, waɗanda ke ƙara mata kauri. Naɗi kuwa abin da ya bi iska kaɗai yake kamawa, wato muryar da sauran mutane suka saba ji tun da can. Sanin haka yana hana a ɓata lokacin bita a kan abin da ba ya buƙatar gyara.

Ba sai an kalli bidiyon duka tare ba. A je kai tsaye wuraren da abokin ya yi wa alama. Akwai dabara mai amfani ta raba ido da kunne: a saurari amsa ɗaya an kife wayar, don a ji ko maganar tana da tsari, sannan a kalle ta an kashe sauti, don a ga abin da jiki yake yi. A kallon nan na biyu ake ganin ƙafar da ke kaɗawa, da biron da ake murzawa, da idon da ke kan tebur. Batun ido yana buƙatar fahimta. Bahaushe ya tashi da tarbiyyar sunkuyar da kai gaban babba, kuma ladabi ne na gaske. Sai dai mai intabiyun da ya fito daga wata al'ada yana iya fassara shi da rashin tabbas ko ɓoye wani abu. Ba a cewa a ƙura wa mutum ido. Ya isa a dube shi lokacin da yake tambaya, da farkon amsa, da ƙarshenta.

Yadda abokin zai faɗi abin da ya gani shi ne wurin da zaman ke gyaruwa ko ya lalace. A 1996 masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara bincike masu yawa da aka yi a kan tasirin gaya wa mutum yadda ya yi aiki. Sun gano cewa a dunƙule yana taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen aikin mutanen baya ya ci. Bayanin da suka bayar shi ne, gyara yana rasa amfaninsa idan ya karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa kansa. Wannan ya shafi yabo kamar yadda ya shafi suka. "Kai fa ba ka da ƙarfin hali" hukunci ne a kan mutum, ba abin da zai yi da shi gobe. "Wallahi ka burge ni" ma haka. Amma idan aka ce, "A tambaya ta huɗu ka yi daƙiƙa hamsin kafin ka ambaci abin da aka tambaye ka," an ba shi abin da zai kama ya gyara. Bidiyon yana sauƙaƙa wa abokin wannan nauyi, domin ba ra'ayinsa yake faɗa ba, ga abin nan su biyun suna kallo. Kada gyaran ya wuce uku a zama ɗaya, kuma a fara da abin da amsa ta ƙunsa kafin a zo kan tsayuwar jiki. A kuma faɗi abu ɗaya takamaimai da ya yi kyau, don kada a rushe shi wajen gyaran sauran.

A ɗauki misalin wani matashi da ya karanta akanta, ya gama bautar ƙasa, yana neman aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Kafin nan ya yi shekaru yana taimaka wa kawunsa a shago a Kasuwar Singa. Abokinsa ya tambaye shi ya ba da labarin lokacin da ya tarar kayan da ke sito ba su yi daidai da abin da ke littafi ba. Amsarsa ta farko ta ɗauki minti uku da daƙiƙa goma. Ya fara da cewa amana ita ce ginshiƙin aikin sito, ya bayyana yadda aka koya musu lissafin kaya a makaranta, ya ce irin wannan yana faruwa sosai a kasuwa, "kuma mukan duba mu gyara". Da aka saurara, abubuwa uku suka fito. Babu labari ko ɗaya a ciki, sai bayani. Ya ce "mu" sau tara, bai ce "ni" ko sau ɗaya ba. Kuma amsar ba ta ƙare ba, muryarsa ce ta yi ta raguwa har ya ce "shi ke nan dai".

Matsalar "mu" ta zama ruwan dare a tsakanin masu neman aiki Hausawa, kuma tushenta mai kyau ne, ƙin yabon kai. Amma kamfanin mutum ɗaya zai ɗauka, yana son ya san abin da wannan mutumin ya yi da hannunsa. Faɗin "ni na ƙirga" idan shi ya ƙirga ba alfahari ba ne, bayar da shaida ne.

Abokin ya tambaye shi da Hausa, "To wai ya taɓa faruwa da kai kuwa?" Nan take labarin ya fito. Wani ƙarshen wata littafi ya nuna katan 240 na taliya, ya ƙirga ya samu 228. Ya ɗauko rasit na watan yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya gano an kai wa wani kwastoma katan 12 bashi ranar da kawun ba ya nan, yaron shago ya rubuta a guntuwar takarda bai shigar a littafi ba. Labarin yana nan tun farko, tsari ne babu. Tsarin da aka fi amfani da shi ga irin wannan tambaya shi ne wanda ake kira STAR, mai gaɓa huɗu: halin da ake ciki, nauyin da ke kan mai magana, matakin da ya ɗauka, da abin da ya biyo baya. Gaɓoɓi biyun farko jimla ɗaya ko biyu suke buƙata, fiye da rabin lokacin na mataki ne.

Sai aka sake kunna kyamara, aka maimaita tambayar da Turanci. Amsa ta biyu ta ɗauki minti biyu da rabi. Labarin ya shigo, amma ya ɓata minti guda yana kwatanta kasuwar da irin kayan shagon, kuma ya tsaya a gano kuskuren bai faɗi abin da ya faru bayansa ba. Gyara ɗaya aka ba shi: ya shiga labarin da lambobin nan biyu, ya rufe da abin da ya canja. Amsa ta uku ta zo a minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, kuma ma'anarta ita ce: "Ina riƙe da littafin kaya a shagon kawuna a Singa. Wani ƙarshen wata littafi ya ce katan 240 na taliya, na ƙirga na samu 228. Na sake ƙirgawa don in tabbata ba ni na yi kuskure ba, sannan na bi rasit na watan gaba ɗaya, na tambayi yaran shago ɗaya bayan ɗaya ba tare da na zargi kowa ba. Na gano katan 12 an ba da su bashi ba a shigar ba. Na kira kwastoman ya tabbatar, ya biya a makon. Daga nan na buɗe littafin bashi daban, na kuma koma ƙirga kayan da suka fi tafiya duk mako maimakon duk wata." Mutum ɗaya ne, abin da ya sani bai ƙaru ba cikin minti ashirin, amma amsa ta uku ce za ta sa a rubuta sunansa.

Wannan maimaitawar ita ce zuciyar aikin. Anders Ericsson da abokan aikinsa, a binciken da suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban kiɗa a Berlin, sun bambanta yin abu sau da yawa da atisayen da aka tsara don gyara wani rauni takamaimai, inda ake samun gyara nan take a kuma sake gwadawa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan: inda harshe ya sarƙe nan malam ke tsayar da ɗalibi ya maimaita, ba ya mai da shi farkon allo. Haka nan ba a sake intabiyun gaba ɗaya. Amsa biyu ko uku mafiya rauni ake ɗauka, kowace a maimaita ta har sau uku, da gyara ɗaya tak tsakanin kowane zagaye.

Maimaitawa tana da iyaka. Bayan zagaye na uku ko na huɗu mutum yakan fara haddace jimloli, kuma hadda tana da alamomi: sauri yana ƙaruwa, murya tana zama bai ɗaya, ido yana komawa sama yana neman kalma ta gaba, kuma idan aka katse shi sai ya koma farko. Haddadiyar amsa tana rushewa da zarar mai intabiyu ya juya tambayar. Maganinta shi ne kada a rubuta amsa cikakkiya. Kalmomi huɗu ko biyar a ƙaramar takarda sun isa, misali 240, 228, rasit, bashi, littafi. Abokin kuma ya riƙa canja lafazin tambayar a kowane zagaye. Yau ya ce a ba shi labarin kuskuren lissafi, anjima ya ce me za ka yi idan kaya suka ɓace a hannunka. Idan labarin ya fito daidai da kalmomi daban-daban, ya zauna.

Akwai abin da gwaji da aboki ba zai iya ba. Idan abokin ba ɗan fannin ba ne, zai gane amsar da ba ta da tsari, amma ba zai gane wadda take da tsari kuma ba daidai ba ce. Tambayoyin sanin aiki, kamar yadda ake fitar da kayan da suka fara shigowa kafin sababbi, sai a kai su ga wanda yake yin aikin ya duba. Haka kuma idan mai amsawa ya kasa samo misali ko ɗaya bayan an yi ta tono, matsalar ba ta magana ba ce, kuma ƙirƙirar labari ba mafita ba ne, domin tambayar bin diddigi ta biyu take tona shi. Gara ya ce bai taɓa gamuwa da hakan ba, ya bayyana matakan da zai bi.

Zaman gaba ɗaya yana ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi. Ya fi kyau a yi na farko saura kwana biyar zuwa bakwai, a yi na biyu bayan kwana biyu, gajere, wanda za a fara da amsoshin da aka gyara ba tare da an duba takarda ba, a ƙara sababbin tambayoyi uku. Tazarar ce ke nuna ko gyaran ya zauna ko kuwa a ranar kawai ya tsaya. Daren jajibirin intabiyu ba lokacin gwaji ba ne, domin duk raunin da aka gano a lokacin babu sararin gyara shi, sai dai ya hana barci. Wanda kira ya zo masa a ƙurarren lokaci, saura kwana ɗaya, ya taƙaita zaman zuwa tambayoyi uku da ya fi jin tsoro, ya yi shi da rana, ya ɗauka a waya, ya maimaita kowace amsa sau biyu.